Yadda ake mayar da jerin kaya na rubutun hannu zuwa jadawali mai suna ɗaya da awo ɗaya

Aikin da zan yi misali da shi na siton abinci ne na wata makarantar kwana. Dattijon da ke riƙe da siton yana rubuta duk kayan da suka shigo a littafin rubutu na 'yan makaranta, hatsi daga Dawanau, sauran kayan masarufi daga kasuwar Singa. A ƙarshen wata sai a ɗauki hoton shafukan a turo mini, a ce ana son sanin suga nawa ya shigo, gero nawa, mai nawa. Buga rubutun a kwamfuta ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce kaya ɗaya yana zuwa da suna uku, kuma awon da aka rubuta shi da shi yau ba shi ne na gobe ba. Idan ka buga komai yadda ka gan shi ka tsaya nan, kwamfuta za ta ɗauki "suga" da "sukari" a matsayin kaya biyu, ta kuma haɗa maka buhu uku da kwano goma sha biyar ta ce goma sha takwas.

Kayan aiki

Kana buƙatar hoton takardun, da asalin littafin idan zai samu. Sai kwamfuta mai Excel, ko Google Sheets idan akwai intanet. Fomulolin da zan bayar suna aiki a duka biyun. Ka tanadi fensir, da rula, da farar takarda ɗaya ta rubuta tambayoyi. Ka nemi sikelin awo, ko na aro ne na wuni ɗaya, tare da ainihin kwanon da ake awo da shi a wannan sito. Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran amfani, shi ne lambar wayar wanda ya yi rubutun.

In babu kwamfuta, Google Sheets na waya zai yi, sai dai ka buga hotunan a takarda tukuna, domin duba hoto da cike jadawali a kan ƙaramin allo ɗaya shi ke sa mutum tsallake layi.

Kalmomi uku da zan riƙa amfani da su: layin kwance shi ne mai lamba 1, 2, 3 a gefen hagu, layin tsaye shi ne mai harafi A, B, C a sama, falle kuma shi ne kowane shafi na cikin fayil ɗin, wanda sunansa ke fitowa a ƙasa.

1. Duba hoton kafin ka taɓa komai

Buɗe kowane hoto ka ƙara girmansa. Ka tabbata gefen hagu da na dama sun fito, musamman wajen ɗinkin littafi inda takarda ke lanƙwashewa, domin nan lambobi suka fi ɓuya. Idan da na'urar sikanin aka ɗauka, a saita ta a 300 dpi, a zaɓi Grayscale ko Color. Kada a zaɓi Black and White. Wannan zaɓin yana mayar da kowane ɗigo baƙi ƙirin ko fari fat, don haka rubutun fensir da biron da ya kusa ƙarewa sukan ɓace gaba ɗaya. Na taɓa samun shafi da "½" ɗinsa duka suka gudu ta haka, buhu ɗaya da rabi ya koma buhu ɗaya.

Idan da waya ne, a shimfiɗa littafin kusa da taga, a riƙe wayar daidai saman shafin ba a karkace ba, a kashe filasha. Manhajar Google Drive ta waya tana da Scan, tana miƙe gefen takarda da kanta. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto yana rage kyau, saboda haka ka ce a turo shi a matsayin Document.

Shafin da bai fito ba, ka sa a sake ɗaukarsa yanzu.

2. Sa wa kowane shafi da kowane layi lamba

Buga hotunan a takarda. Rubuta lambar shafi a sama, sannan ka bi da fensir ka sa wa kowane layin rubutu lamba a gefe, har da wanda aka soke. A ƙasan shafin ka rubuta yawan layukan. Wannan minti goman da ka kashe shi zai ba ka damar cewa "shafi na 2, layi na 6" a waya, mai rubutun ya buɗe littafinsa ya gani nan take. Kuma da shi za ka gane ko ka tsallake wani abu a ƙarshe.

Ga shafi na 2 na littafin da nake magana, kamar yadda aka rubuta shi, ban da kuɗin da ke gefen dama:

1. Shinkafa buhu 3
2. 〃 yar Hausa kw 15
3. Suga 1½ b
4. Man gyada J 2
5. Taliya ktn 4
6. Sukari kwano 7 (ko kuwa 1 ne, ba a rarrabewa)
7. Mai galan 1
8. Gero buhu 1 da kwano 12

Layi takwas ne kacal, amma kusan duk matsalolin aikin suna cikinsu.

3. Karanta littafin gaba ɗaya, ka koyi hannun mai rubutun

Kada ka fara bugawa. Karanta daga farko har ƙarshe kana riƙe da farar takardar nan, ka raba ta gida uku: sunayen kaya, awo da gajerun rubutu, sai tambayoyi.

Kowane mai rubutu yana da halinsa, kuma ba ya canza shi. Nemi wurin da ka tabbata ya rubuta 1, misali a kwanan wata, da wurin da ka tabbata ya rubuta 7, ka ajiye su kusa da juna. Wasu suna yi wa 1 ɗan baki a sama har ya yi kama da 7, su kuma sa wa 7 sanda a tsakiya. Wannan ya fi yawa a hannun waɗanda suka yi karatu da Faransanci, kamar mutanen Maraɗi da Damagaram. Haka za ka yi da 0 da 6, da 4 da 9, da 3 da 8.

Sai gajerun rubutu. A littafin nan "b" buhu ne, "J" jarka, "ktn" katan, "kw" kwano. Amma a wasu shafukan dattijon ya rubuta "k" kawai, kuma "k" tana iya zama kwano, katan, kilo ko ƙulli. Kayan ne ke nuna maka: "taliya k 2" katan ne, "gero k 10" kwano ne. "Suga k 5" kuwa, ana awonsa da kwano, ana kuma awonsa da kilo, don haka ya tafi gidan tambayoyi. Alamar nan mai 'yan sanduna biyu da ke farkon layi na 2 tana nufin a maimaita kalmar da ke samanta, wato shinkafa. Ka lura da ita a saman sabon shafi, domin a nan tana komawa ne ga layin ƙarshe na shafin baya.

Game da manhajar da ke karanta rubutu daga hoto: za ka iya ɗora hoton a Google Drive, ka danna Open with, ka zaɓi Google Docs, ta fitar maka da rubutu. A rubutun na'ura tana ƙoƙari. A rubutun hannu na Hausa mai gajerun kalmomi, lokacin da za ka ɓata wajen gyara ya fi na bugawa da hannu, kuma kuskurenta a lambobi ba ya nuna kansa, domin 1 da ta karanta a matsayin 7 lamba ce mai kyan gani. Ni in shafukan ba su kai ashirin ba, ba na bi ta kanta.

4. Tsara jadawalin

Buɗe sabon fayil, ka yi falle uku: Kaya, Sunaye, Awo. A fallen Kaya, layin kwance na 1 na kanun ne:

A Shafi, B Layi, C Rana, D Asalin suna, E Suna, F Adadi, G Awo, H Jimla, I Awon tushe, J Bayani.

Dokar ita ce abu ɗaya a kowane gurbi. F lamba ce zalla, ba "buhu 3" ba, ba "3kg" ba. Da zarar harafi ya shiga gurbin, Excel ya daina ganinsa a matsayin lamba kuma ba zai haɗa shi ba. Kada ka haɗe gurabe da Merge & Center don ado, kada ka bar layin kwance babu komai don raba shafi da shafi, kada kuma ka cusa jimlar shafi a tsakiyar kayan. Duk ukun suna ɓata tacewa da lissafi daga baya. Danna View, Freeze Panes, Freeze Top Row don kanun su tsaya a sama.

D da E su ne zuciyar tsarin. A D za ka buga sunan yadda mai rubutun ya rubuta shi, da kuskurensa da komai. E kuwa ba ka buga komai a ciki, fomula ce za ta cike shi. Sababbin shiga sukan ce me ya sa ba za a gyara sunan kai tsaye a huta ba. Dalilin shi ne ranar da aka ce maka "shinkafa" da aka rubuta a makon farko ba 'yar waje ba ce, 'yar Hausa ce, kana son ka iya gano layukan da aka rubuta "shinkafa" tsura, ka bambanta su da waɗanda aka fayyace. In ka riga ka goge asalin, sai ka koma kan hotuna daga farko.

5. Buga kayan, layi bayan layi

Ɗora rula a ƙarƙashin layin da kake bugawa. Cike A, B, C, D, F da G kawai.

Rabi da kwata su ne tarkon farko. Idan ka buga 1/2 a Excel, zai ɗauka kwanan wata kake nufi, ya mayar maka da shi 2 ga Janairu ko 1 ga Fabrairu, gwargwadon saitin kwamfutar. Buga 0.5. Buhu ɗaya da rabi 1.5 ne, kwata 0.25. Kwanan wata ma haka: 3/4 a littafin sito 3 ga Afrilu ne, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris. Fara da shekara, kamar 2024-04-03, wannan ba ya rikicewa.

Tarko na biyu na Hausa ne kawai. Idan ka fara gurbi da alamar da ke gaban 'yar, Excel yana ɗaukarta a matsayin umarnin cewa abin da ke biye rubutu ne, sai ya ɓoye ta. Don haka kada sunan kaya ya fara da ita. A layi na 2, warware alamar maimaitawa, ka buga "Shinkafa yar Hausa" a D.

Layi na 8 yana ɗauke da awo biyu, buhu 1 da kwano 12. Raba shi layin kwance biyu, 8a da 8b, kowanne da adadinsa da awonsa. Kada ka yi lissafin a kai ka buga sakamako, domin in awon buhu ya canza ba za ka tuna yadda ka samo lambar ba.

Layin da aka soke, buga shi da adadi 0, ka rubuta "an soke" a J. Inda aka soke lamba aka rubuta wata a samanta, ɗauki ta saman, ka ajiye tsohuwar a J. Inda kake shakka, kamar layi na 6, buga abin da ka fi zato, ka fara J da alamar tambaya, ka shafa wa layin launin rawaya.

Domin kada awo ya zo da rubutu iri-iri, "katan" nan "kwali" can, rufe G da jerin zaɓi. Zaɓi layin tsaye na G daga G2 zuwa ƙasa, danna Data, Data Validation, a ƙarƙashin Allow zaɓi List, a Source ka buga:

```
buhu,kwano,katan,jarka,galan,kilo,lita,leda,dozin
```

Daga nan G ba zai karɓi wata kalma ba sai waɗannan.

6. Daidaita sunaye

A fallen Sunaye, A na ɗauke da kowane irin rubutu da ka gani a littafin, B kuma sunan da ka tsayar. Misali:

| A | B |
|---|---|
| Suga | Suga |
| Sukari | Suga |
| Shinkafa | Shinkafa, ta waje |
| Shinkafa yar Hausa | Shinkafa, ta Hausa |
| Man gyada | Man gyaɗa |
| Man girki | Man gyaɗa |
| Manja | Manja |
| Man ja | Manja |
| Taliya | Taliya, doguwa |
| Makaroni | Taliya, makaroni |
| Gero | Gero |

Lura cewa sunan da aka tsayar shi ma sai ya shiga A, in har ya bayyana a littafin. Na fara da babban suna sannan waƙafi sannan nau'i, domin in an jera bisa haruffa duk shinkafa ta zauna wuri ɗaya.

Yanzu koma fallen Kaya, a E2 ka buga wannan, ka ja shi har ƙasa:

```
=VLOOKUP(TRIM(D2),Sunaye!A:B,2,FALSE)
```

Abin da take yi shi ne ta ɗauki abin da ke D2, ta nemo shi a A na fallen Sunaye, ta dawo da abin da ke gabansa a B. TRIM yana share tazarar da ta maƙale a gaba ko bayan kalma, wadda ido ba ya gani. FALSE na nufin sai sunan ya yi daidai ɗari bisa ɗari. In ka manta da shi, fomular za ta riƙa kawo maka suna mafi kusa, kuma ba za ta faɗa maka ta yi hakan ba. Babban baƙi da ƙarami ba su dame ta ba, amma "d" da "ɗ" haruffa biyu ne a wurinta, shi ya sa in littafin na da "gyada" da "gyaɗa" duka biyun za su shiga A.

Wanda kwamfutarsa ke kan Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar, sunan fomular RECHERCHEV ne, TRIM kuma SUPPRESPACE, FALSE kuma FAUX, ana raba sassan da alamar ; maimakon waƙafi, kuma ɗaya da rabi 1,5 ake bugawa.

Duk inda ka ga #N/A, sunan bai shiga fallen Sunaye ba tukuna. Wannan ba ɓaci ba ne, ƙararrawa ce. Ka duba sunan, in ka san ko mene ne ka ƙara shi, alamar ta tafi da kanta.

A nan ne ake bukatar hankali, domin haɗe sunaye hukunci ne, ba bugu ba. Suga da sukari abu ɗaya ne, babu gardama. Amma shinkafa 'yar waje da 'yar Hausa ba a haɗa su, farashinsu daban, awonsu daban. Gishirin buhu da na leda ma haka. Ma'aunin da nake bi shi ne: in mai dafa abinci ya aiko a ba shi wannan aka ba shi wancan, zai mayar? In zai mayar, kaya biyu ne. In kana shakka, bar su a rabe. Haɗe abu biyu daga baya gyaran gurbi ɗaya ne a fallen Sunaye.

Layi na 7, "Mai galan 1", da gangan ban sa shi a fallen Sunaye ba. A watan farko da na yi wannan aiki na ɗauka man gyaɗa ne, tunda ya zo kusa da shi, na haɗa. Ashe fetur ne na janareto, dattijon ya saye shi a hanya ɗaya da cefanen ya rubuta a shafi ɗaya. Tun daga nan kalmar da ke iya ɗaukar ma'ana biyu, irin su "mai", "gari" da "magani", nake barinta tana nuna #N/A har sai na tambaya. In amsa ta zo, sai in ƙara bayani a D, in mayar da shi "Mai fetur", in sa wannan a fallen Sunaye. Kada ka sa "Mai" sau biyu a A da ma'ana biyu, domin fomular na farkon kawai take gani.

7. Daidaita awo

Wannan ne matakin da ya fi cin lokaci a karon farko. Kowane kaya za ka zaɓa masa awo ɗaya na tushe: busassun kaya kilo, mai lita, abin da ake ƙirgawa kuma guda. Kada ka mayar da mai zuwa kilo da zaton lita ɗaya kilo ɗaya ce. Wannan na ruwa ne, litar man girki ba ta kai kilo ba, tana wajen 0.9.

Buhu ba awo ba ne sai an faɗi buhun mene ne. Na suga da na shinkafa 'yar waje kilo 50 ne, kuma an rubuta a jiki, sai dai akwai ƙaramin buhun shinkafa na kilo 25, don haka ka tambaya wanne ake sayowa. Buhun gero ko masara daga kasuwar hatsi ba a rubuta masa komai, da kwano ake cika shi. Kwano da mudu da tiya kuwa girma suke aunawa ba nauyi ba, kuma girmansu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Mudun wani garin rabin kwanon wani garin ne. Ko a kwano ɗaya, nauyin gero daban da na suga, kuma wanda aka yi wa tozo ya fi wanda aka shafe. Saboda haka kada ka ɗauki lamba daga bakin kowa, har da ni. Je siton, ka sa mai awon ya cika kwanon yadda ya saba, ka auna sau uku, ka cire nauyin kwanon, ka ɗauki matsakaicin.

A wannan sito, kwanon gero ya ba ni kilo 2.5, na shinkafa 'yar Hausa 2.6, na suga 2.8. Buhun gero kwano 40 suke lissafa shi, wato kilo 100. Jarkar mai lita 25 ce. Katan ɗin doguwar taliya leda 20 ne, kowace giram 500, wato kilo 10. Galan ɗin da suke sayen fetur da shi lita 4 ne, amma akwai na lita 5, don haka shi ma a duba jikinsa.

Tunda awo ya dogara da kaya, a fallen Awo sai a haɗa su biyun a gurbi ɗaya da sanda a tsakani. A ne haɗin, B yawan awon tushe a cikin ɗaya, C sunan awon tushen:

```
Suga|buhu      50    kilo
Suga|kwano     2.8   kilo
Gero|buhu      100   kilo
Gero|kwano     2.5   kilo
```

Haka za ka ci gaba da sauran. A D na wannan falle ka rubuta inda lambar ta fito, "an rubuta a jikin buhu" ko "na auna" da ranar awon. Sannan a fallen Kaya, H2 da I2:

```
=F2*VLOOKUP(E2&"|"&G2,Awo!A:C,2,FALSE)
=VLOOKUP(E2&"|"&G2,Awo!A:C,3,FALSE)
```

Ja su ƙasa. Shafi na 2 zai fito haka: shinkafa ta waje kilo 150, ta Hausa kilo 39, suga na layi na 3 kilo 75, man gyaɗa lita 50, taliya kilo 40, suga na layi na 6 kilo 19.6, fetur lita 4, gero kilo 100 da kilo 30.

Wannan tsari yana da wata riba. In ka zaɓi "jarka" a gaban gero bisa kuskure, babu haɗin "Gero|jarka" a fallen Awo, sai #N/A ta fito ta tona kuskuren.

Idan sikeli bai samu ba, kada ka ƙirƙiri kilo. Mayar da kwano ya zama awon tushen hatsi: Gero|buhu 40, Gero|kwano 1. Lissafin zai fito da kwano, kuma gaskiya ne. Ranar da aka samu sikeli, lambobi biyu za ka canza.

8. Warware tambayoyi

Kafin ka kira mai rubutun, gwada warware abin da takardar kanta za ta iya warwarewa. Layi na 6, tsakanin kwano 1 da kwano 7 akwai bambancin kilo 16.8. Littafin yana da kuɗi a gefen dama, kuma a shafi na 4 an sayi suga kwano biyu a wannan makon. Na raba kuɗin biyu na sami farashin kwano, na raba kuɗin layi na 6 da shi, ya ba ni bakwai. Magana ta ƙare. In babu kuɗi, duba al'adar sayen: wanda bai taɓa sayen suga ƙasa da kwano biyar ba, da wuya ya sayi ɗaya. Amma wannan zato ne, rawayar tana nan sai an tabbatar.

Ragowar ka tara su a kira ɗaya. Kuma ka iya tambaya. In ka ce, "Baba, layi na shida bakwai ne ko?" zai ce maka e don ya sallame ka. Ce masa, "Baba, don Allah a duba shafi na biyu, layi na shida, sukari kwano nawa aka rubuta?" ka yi shiru ya karanta da kansa. Amsar da ya bayar ka rubuta ta a J, ka cire launin.

9. Tantancewa

Fara da ƙirga layuka. Wannan zai faɗa maka layuka nawa ka buga daga shafi na 2:

```
=COUNTIF(A:A,2)
```

Ya kamata ya ba da 9, wato takwas na takarda da ɗaya na rabon 8a da 8b. In ya ba da 8, ka tsallake wani.

Sai ka duba ko akwai lambar da ta shiga a matsayin rubutu. Alamarta ita ce ta jingina hagu a gurbinta alhali sauran suna dama, yawanci saboda an buga harafin O a madadin sifili. Wannan fomula dole ta ba da 0:

```
=COUNTA(F2:F500)-COUNT(F2:F500)
```

Kunna Filter a ƙarƙashin Data, ka buɗe jerin E. Kowane kaya sau ɗaya ya kamata ya bayyana, kuma kada a ga #N/A a E ko a H. In ka ga "Manja" sau biyu, ɗaya na da tazara a bayansa a B na fallen Sunaye.

Sannan karatun baki. Ba wani takardar ya riƙa karanta maka suna da adadi da awo da ƙarfi, kai kana bin allo. Idon da ya karanta 4 a matsayin 9 da safe zai sake yin haka da yamma, shi ya sa ake son ido na biyu. In kai kaɗai ne, bi shafin daga ƙasa zuwa sama.

Daga nan sai jimla. Ta suga:

```
=SUMIF(E:E,"Suga",H:H)
```

In shafi na 2 kaɗai ka buga, zai ba da 94.6. Dubi kowace jimla da idon wanda ya san siton. In manja ya fito lita 900 a wata, a makarantar da ke cin jarka huɗu ko biyar, to wani wuri an zaɓi jarka a madadin lita. Jera H daga babba zuwa ƙarami, kuskuren zai hau sama.

10. Ajiya, da wata mai zuwa

Ajiye fayil ɗin a matsayin .xlsx, a folda ɗaya da hotunan, sunan kowane hoto ya dace da lambar shafinsa. In an nemi CSV, zaɓi CSV UTF-8 a wajen Save As, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su iya komawa alamar tambaya. Ka sani kuma CSV falle ɗaya yake ɗauka, kuma sakamako yake ajiyewa ba fomula ba, don haka kada ya zama shi kaɗai ne kofinka.

Wata mai zuwa ba sai ka sake fallen Sunaye da na Awo ba, ci gaba kawai za ka yi da bugawa a ƙasan Kaya, sababbin sunaye biyu ko uku su nuna kansu da #N/A. Abu ɗaya za ka kiyaye: in an canza kwanon awo, ko an koma sayen ƙaramin buhu, kada ka gyara tsohuwar lamba a fallen Awo, domin za ta canza lissafin watannin baya gaba ɗaya. Ƙara sabon awo, misali "buhu25", a jerin zaɓin G da kuma fallen Awo, ka bar tsohon yadda yake.